PMP, CAPM ko PRINCE2: Wace Takardar Shaida Ta Dace da Wanda Ya Daɗe Yana Haɗa Kan Aiki Ba Tare da Muƙami Ba?

A kusan kowace ma'aikata akwai mutumin da takardar ɗaukarsa aiki ta kira shi jami'in mulki, ko mataimaki, ko sakatare, amma idan wani babban aiki ya taso shi ake danƙa wa ragama: shi ke tsara jadawali, shi ke bin 'yan kwangila, shi ke haɗa sassan da ba sa ga maciji da juna, kuma shi ake tambaya idan wa'adi ya ƙarato abu bai kammala ba. Idan irin wannan mutum ya yanke shawarar neman takardar shaidar ƙwarewa a fannin gudanar da ayyuka, abin da yakan fara tambaya shi ne wace takarda ce ta fi daraja. A ganina akwai tambayar da ta riga wannan, kuma amsarta ce ke yanke kusan komai: daga cikin shekarun da ya yi yana aiki, watanni nawa ne hukumar da ke ba da takardar za ta amince cewa jagorancin aiki mai wa'adi ya yi? Wanda ya biya kuɗin kwas kafin ya yi wannan lissafi ya yi cinikin biri a sama.

Takardun da ake yawan kwatantawa iri biyu ne a zahiri, ko da yake masu tallar kwasa-kwasai kan jera su kamar abu ɗaya. Akwai wadda ke shaida cewa mutum ya riga ya yi aikin kuma ya ci jarrabawa a kansa, ita ce PMP, wadda PMI, cibiyar ƙwararrun masu gudanar da ayyuka ta Amurka, ke bayarwa tun 1984. Akwai kuma waɗanda ke shaida cewa mutum ya karanta wani tsari ya fahimce shi, ko ya taɓa jagorantar aiki ko bai taɓa ba, irin su CAPM, ita ma ta PMI, da PRINCE2 wadda ta samo asali daga gwamnatin Birtaniya, da kwas ɗin kamfanin Google. Ga ɗalibin da ya fito daga makaranta, kashi na biyu ne kaɗai a buɗe. Ga wanda ya yi shekaru yana haɗa kan aiki kuwa, babbar kadararsa ita ce shekarun nan, kuma PMP ce kaɗai a cikin waɗannan huɗu take mayar da su abin da aka rubuta aka sa wa hannu.

Sharaɗin PMP da yadda ake ƙirga watanni

PMI ba ta neman mutum ya taɓa riƙe muƙamin manajan aiki. Abin da take nema shi ne ya jagoranci aiki kuma ya ba da umarni a cikinsa. A ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita, mai digiri na shekara huɗu yana buƙatar wata 36 na irin wannan jagoranci, mai takardar sakandare ko difloma yana buƙatar wata 60, kuma dukansu biyu sai sun nuna shaidar awa 35 na karatun gudanar da ayyuka. A wannan ƙa'idar, watannin sai sun faɗa cikin shekaru takwas na baya-bayan nan. Cibiyar kan sabunta ƙa'idojinta lokaci zuwa lokaci, kuma ta sanar da sabon tsarin jarrabawa daga watan Yuli na 2026, saboda haka wajibi ne mai nema ya karanta takardar sharuɗɗan da ke shafinta a ranar da zai nema, ba wadda wani ya tura masa shekara biyu da suka wuce ba.

Abu biyu ne ke zaftare wa mutane watanni, kuma duka biyun sun fi shafar marar muƙami. Na farko shi ne bambanci tsakanin aiki mai wa'adi da aikin yau da kullum. Aikin da ake ƙirgawa shi ne wanda yake da ranar farawa da ranar gamawa, kuma ya samar da wani abu da babu shi a da: sabon gini, sabuwar manhaja, sauya mazaunin ofis, ƙaddamar da wani shiri. Haɗa rahoton wata-wata, tsara jerin masu aikin dare, bin sawun odar kayan ofis, duk haɗa kan mutane ne kuma wani lokaci sun fi wahala, amma maimaituwa suke yi ba su da ƙarshe, don haka ba sa shiga lissafi ko da mutum ya yi shekara goma yana yin su. Haka nan ba a ƙirga aikin makaranta ko hidimar da mutum ya shirya wa kansa. Na biyu shi ne cewa wata ɗaya sau ɗaya ake ƙirga shi: idan mutum ya jagoranci ayyuka uku a lokaci guda cikin watan Mayu, wata ɗaya ya samu, ba uku ba.

Misali zai fi fito da abin fili. A ƙaddara wata jami'ar mulki mai digiri, wadda ta yi shekara bakwai a wata ma'aikata, kuma a ranta tana ganin ta wuce wata 36 nesa ba kusa ba. Da ta zauna ta cire aikin yau da kullum, sai ayyuka huɗu suka rage mata. Ta jagoranci sauya mazaunin ofis daga Maris zuwa Oktoba na 2021, wata 8 ke nan. Ta jagoranci mayar da kundin ma'aikata daga takarda zuwa manhaja daga Agusta 2021 zuwa Satumba 2022, wata 14. Ta riƙe aikin faɗaɗa ɗakin ajiya daga Janairu zuwa Disamba na 2023, wata 12. Sannan ta shirya wani babban taron bita da aka yi sau ɗaya, daga Fabrairu zuwa Afrilu na 2024, wata 3. Idan aka tara su kai tsaye za a sami 37, wato ta haye da wata ɗaya. Sai dai aiki na farko da na biyu sun hau kan juna a Agusta da Satumba da Oktoba na 2021, don haka tsakanin Maris 2021 da Satumba 2022 wata 19 ne kawai, ba 22 ba. Jimillar gaskiya 34 ce, saura wata biyu.

Abin da ya dace da ita a nan ba sayen wata ƙaramar takarda ba ne don ta rage zafi. Idan akwai wani aiki mai wa'adi a hannunta yanzu, ko za ta iya neman a ba ta, watanni biyun za su cika tun kafin ta gama awa 35 ɗin da karatun jarrabawa, wanda dama yakan ɗauki ma'aikaci watanni. Amma da a ce takardar sakandare kawai take da ita, da giɓin ya zama wata 26, fiye da shekara biyu, kuma a nan ne maganar CAPM ko PRINCE2 take da ma'ana. Mutum ɗaya ne, ayyukan ba su canza ba, amma shawarar ta sha bamban saboda lissafin.

Akwai kuma tambayar da mutum zai yi wa kansa tsakaninsa da Allah game da kowane aiki a jerin: jagoranta ya yi ko taimakawa? Alamomin jagoranci a bayyane suke. Shi ya tsara jerin matakai da ranakunsu, shi ya raba wa mutane aiki ya bi sawu, shi ya lura da abin da aka kashe idan aka kwatanta da abin da aka ware, shi ya kai wa shugabanni rahoto, kuma da matsala ta taso shi ya kawo mafita ko ya gabatar da zaɓi. Ba lallai ne ya kasance shi ke sa hannu a biyan kuɗi ba, domin manajoji da yawa masu muƙami ma ba su da wannan iko. Amma wanda aikinsa bai wuce rubuta bayanan taro da aika takardun gayyata ba, alhali wani ne ke yanke shawara a kan jadawali, bai jagoranta ba, kuma sanya wannan aiki a fom jefa kai ne cikin haɗari.

Cika fom da binciken tantancewa

A fom ɗin PMP ana rubuta kowane aiki daban: sunansa, ma'aikatar, muƙamin mutum na gaskiya, ranakun farawa da gamawa, girman tawaga, hanyar da aka bi wajen gudanarwa, sannan bayani na 'yan ɗaruruwan kalmomi a kan manufar aikin, rawar da mai nema ya taka, abin da ya yi da hannunsa, da sakamakon da aka samu. A nan ne marar muƙami yakan cuci kansa, domin ya saba da harshen tawali'u na ofis. Jami'ar da muka yi misali da ita za ta iya rubuta cewa ta taimaka wajen ƙaura zuwa sabon ofis kuma ta yi aiki tare da sassa daban-daban. Gaskiya ce, amma mai dubawa ba zai ga jagoranci a ciki ba. Gaskiyar da ta fi cika ita ce ta tattara buƙatun sassa shida, ta tsara ƙaurar mataki uku don kada aiki ya tsaya, ta rubuta jerin abubuwan da za su iya kawo cikas tare da wanda zai kula da kowanne, ta sake tsara ranaku da mai haɗa layukan sadarwa ya yi jinkiri, ta kuma karɓi sa hannun shugabannin sassa cewa an kammala. Ba ƙari aka yi ba, an dai faɗi abin da ya faru dalla-dalla. Muƙamin kuwa a rubuta shi yadda yake, kada a canza shi zuwa manajan aiki, domin ba a buƙata, kuma shi ne abu mafi sauƙin kamawa.

PMI kan zaɓi wasu daga cikin masu nema ta yi musu binciken tantancewa, kuma babu wanda ya san ko zai faɗo kansa. Wanda aka zaɓa ana ba shi kwana 90 ya kawo kwafin takardar karatunsa, da shaidar awa 35, da sa hannun shugaba ko wanda ya san aikin sosai a kan kowane aiki da ya rubuta. Ga mai muƙami wannan ba wani abu ba ne. Ga marar muƙami kuwa, sa hannun nan shi ne dukan hujjarsa, tunda babu takardar naɗi da za ta tsaya masa. Saboda haka kafin a aika fom, ya kamata a tura wa kowane tsohon shugaba bayanin da aka rubuta a kan aikin da ya shafe shi, a tambaye shi ko zai sa hannu a kai yadda yake. Wani zai ce ranakun ba haka suke ba, wani zai ce ai shi ne ya jagoranta, wani kuma ya bar ma'aikatar ba a san inda yake ba. Gara a ji wannan tun fom yana hannu. Idan aiki ba shi da mai shaida, a cire shi daga lissafi a ga ko watannin sun isa ba tare da shi ba.

Jarrabawar kanta, a tsarin da aka fara a 2021, tambaya 180 ce cikin minti 230, wato ƙasa da minti ɗaya da rabi ga kowace tambaya, kuma galibinsu labarin wani yanayi ne da ake tambayar abin da manaja zai fara yi. Idan an amince da fom, mutum yana da shekara ɗaya da damar zama har sau uku, kowane zama da kuɗinsa. Wani abu da ya kamata gogaggen ma'aikaci ya sani shi ne cewa gogewarsa za ta taimake shi ta wani ɓangare, ta kuma yaudare shi ta wani. Wanda ya yi shekaru ba shi da iko a rubuce ya koyi ɗabi'u biyu don ya tsira: ko dai ya garzaya wurin shugaba da zarar matsala ta ɓullo, ko kuma ya yi wa babban mutum abin da ya nema nan take don a zauna lafiya. Jarrabawar ba ta son ko ɗaya. Idan tambaya ta ce wani mai faɗa a ji ya nemi a ƙara wani abu a tsakiyar aikin da aka riga aka tsara, amsar da ake nema kusan kullum ita ce a fara auna tasirin ƙarin a kan lokaci da kuɗi da inganci, sannan a shigar da buƙatar ta hanyar da aka amince a riƙa duba canje-canje. Kai ƙara sama mataki ne na ƙarshe bayan manaja ya yi abin da ke cikin ikonsa. Mai irin wannan tarihi zai ɓata lokaci mai yawa wajen sauya tunani fiye da haddace kalmomi, kuma hanyar gane ko ya shirya ita ce ya zauna jarrabawar gwaji cikakkiya da agogo, ya duba ko kurakuransa na rashin sani ne ko na tsohuwar ɗabi'a.

Bayan an ci, takardar tana buƙatar sabuntawa duk shekara uku da maki 60 na ci gaba da karatu, waɗanda PMI ke kira PDU, kusan awa ɗaya ga kowane maki.

CAPM: ga wa take da amfani

CAPM ba ta neman gogewa ko ta kwana ɗaya. Takardar sakandare da awa 23 na karatu sun isa, jarrabawar tambaya 150 ce cikin awa uku, sabuntawa kuma maki 15 ne duk shekara uku. Ta fi PMP sauƙin kuɗi da sauƙin jarrabawa, kuma wanda yake da ita an ɗauke masa sharaɗin awa 35 idan ya zo neman PMP. Aibinta ga gogagge shi ne saƙon da take aikawa: masu ɗaukar ma'aikata sun san ta a matsayin takardar masu shigowa, don haka mutumin da ya yi shekara tara yana jan ragamar ayyuka, idan ya sa ta a gaban sunansa, ya ajiye kansa a layi ɗaya da wanda ya gama makaranta bara. Ina ganin tana da amfani ne a hali biyu kawai. Ko dai giɓin watanni ya kai shekara ko fiye, kamar jami'ar misalinmu idan ba ta da digiri, ko kuma lissafi ya nuna cewa yawancin abin da mutum ya yi aikin yau da kullum ne, yana kuma buƙatar abin da zai nuna wa shugabansa don a fara ba shi aiki mai wa'adi da sunansa a kai. Wanda watanninsa suka cika ya sayi CAPM don tsoron jarrabawar PMP, ya biya kuɗi sau biyu ne a kan hanya ɗaya.

PRINCE2: tsari ne, kuma ba ta tambayar tarihin mutum

PRINCE2 ta fito a 1996, an gina ta a kan tsarin PRINCE na 1989 da gwamnatin Birtaniya ta yi don ayyukan kwamfuta. Yanzu kamfanin PeopleCert ne ke riƙe da ita bayan ya sayi Axelos, kamfanin da ke riƙe da ita a da, a 2021, kuma bugu na bakwai ya fito a 2023. Mataki biyu ne. Foundation tambaya 60 ce cikin awa ɗaya, ba a buɗe littafi, ana ci da kashi 60 cikin ɗari. Practitioner awa biyu da rabi ce, ana shiga da littafin tsarin a buɗe, ana kuma gwada yadda mutum zai yi amfani da tsarin a kan wani labarin aiki da aka ba shi. Babu sharaɗin gogewa a ko ɗaya, babu fom ɗin tarihin aiki, babu neman sa hannun tsohon shugaba. Sharaɗin Practitioner shi ne mutum ya riga ya ci Foundation ko wata takarda da aka amince da ita, kuma PMP da CAPM suna cikinsu. Ita ma ana sabunta ta duk shekara uku.

Wannan ya sa ta zama hanya mafi gajarta ga wanda yake da gogewa ta gaske amma ba zai iya tabbatar da ita a takarda ba, misali wanda ma'aikatar da ya yi wa aiki ta rufe, ko wanda ya rabu da shugabanninsa ba ta daɗi ba. Matakin Practitioner ba ya ɗauke da tambarin ɗan koyo irin na CAPM. Sai dai a sani cewa ba ta shaida shekarun mutum, tunda ba ta tambaye su ba. Shekarun sai dai ya kare su da bakinsa a wurin ganawar ɗaukar aiki.

Akwai wani abu a cikin karatunta da nake ganin ya fi amfanar marar muƙami fiye da takardar kanta. Tsarin ya dage a kan cewa kowane aiki yana da kwamiti da ke sama da manaja, kuma kwamitin yana yanka wa manaja iyaka a rubuce: kwana nawa zai iya wucewa, kashi nawa na kuɗi zai iya ƙarawa, ba tare da ya dawo neman izini ba. Muddin aiki yana cikin iyakar, manaja ne ke yanke hukunci. Idan hasashe ya nuna za a tsallake ta, sai ya rubuta rahoto ya kai sama. Wanda ya daɗe yana ɗaukar alhakin aiki ba tare da an taɓa gaya masa inda ikonsa ya tsaya ba zai gane darajar wannan nan take, kuma zai iya neman a yi masa haka a aikinsa na gaba ko ya zauna jarrabawar ko bai zauna ba. Inda tsarin yake da rauni shi ne dabarun aiki na hannu, kamar lissafin jerin matakan da jinkirinsu ke jinkirta dukan aikin, ko kwatanta abin da aka kammala da abin da aka kashe. Karatun PMI ya fi zurfi a nan.

Tsakanin PMP da PRINCE2, kasuwar da mutum yake nufa ce alƙali. PRINCE2 ta fi ƙarfi a Birtaniya da wasu ƙasashen Turai da Ostareliya, da hukumomin da suka ɗauki salon aikin gwamnatin Birtaniya. PMP ta fi yaɗuwa a Arewacin Amurka da ƙasashen yankin Gulf da manyan kamfanonin ƙasa da ƙasa. Maimakon dogaro da wannan rabo na gaba ɗaya, mutum ya tara tallace-tallacen aiki ashirin ko talatin na irin kujerar da yake so, a fannin da yake so, ya ƙirga sau nawa aka ambaci kowace takarda, ya kuma lura ko an ce wajibi ce ko an fi so ne kawai. Aikin yini ɗaya ne, kuma ya fi duk wata shawara da mai sayar da kwas zai bayar.

Sauran da ake yawan ambata

Kwas ɗin Google da ke Coursera, dandalin karatu na intanet, wanda aka ƙaddamar a 2021, karatu ne mai kyau ga mai farawa, an tsara shi a kan kimanin wata shida ga mai ba shi awa goma a mako. Shaidar kammala kwas ce, babu babbar jarrabawa ta ƙarshe da ake sa wa mutum ido, don haka nauyinta bai kai na sauran ba. Amfaninta ga gogagge shi ne awanninta suna cike sharaɗin karatu na PMI, sai dai zai tarar ana koya masa abubuwa da yawa da ya riga ya sani. Takardun Scrum, tsarin da tawaga ke gudanar da aiki a gajerun zango, wato PSM I ta Scrum.org da CSM ta Scrum Alliance, na wanda yake aiki da tawagar masu gina manhaja ne ko yake son komawa can. Ta farko ba ta wajabta kwas kuma ba ta ƙarewa, ta biyu sai an halarci kwas kuma ana sabunta ta duk shekara biyu. Ba sa maye gurbin PMP ga mai aikin gini ko ƙaura ko sayen kayayyaki. Mai aiki a ƙungiyoyin agaji da raya ƙasa kuma ya duba Project DPro ta ƙungiyar PM4NGOs, wadda aka rubuta da la'akari da masu ba da tallafi da al'ummar da ake yi wa aiki, ko da yake ba a san ta sosai a wajen wannan fanni ba.

Kafin a biya

Kuɗin da ake tallatawa ba shi ne dukan kuɗin ba. A haɗa kuɗin kwas, da na jarrabawa, da na sake zama idan ba a ci ba, da na sabuntawa bayan shekara uku, sannan a kwatanta. A wajen PMI, zama mamba yana rage kuɗin jarrabawa kuma yana ba da damar sauke littattafan cibiyar, don haka a lissafa da shi da kuma ba shi. A wajen PRINCE2, a tambayi cibiyar horarwa ko kuɗinta ya haɗa da tikitin jarrabawar PeopleCert, kuma na wane bugu ne.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne ɗaukar takardar halartar kwas a matsayin takardar ƙwarewa. Cibiyar horarwa za ta iya ba mutum takarda mai ɗauke da haruffan PMP bayan kwana biyar, amma abin da ta shaida shi ne ya cika awa 35, ba wai ya zama mai PMP ba. Takardar gaskiya PMI ce kaɗai ke bayarwa bayan jarrabawa, kuma tana da rajista a shafinta inda mai ɗaukar aiki zai iya duba suna. Haka nan PMI ba ta bayyana makin da ake ci da shi. Sakamako yakan nuna an ci ko ba a ci ba, tare da matsayin mutum a kowane ɓangare, daga Above Target, wato ya wuce abin da ake nema, zuwa Needs Improvement, wato yana buƙatar ƙara ƙoƙari. Duk cibiyar da ta ce ta san makin hukuma, ko ta ba da tabbacin ci, ko ta ce tana da ainihin tambayoyin jarrabawa, a yi nesa da ita. Mafi haɗari ga marar muƙami su ne masu tayin rubuta masa tarihin aiki a fom. Bayanin da suke rubutawa iri ɗaya ne ga kowa, tsohon shugaban da aka tura wa ba zai gane aikin da ya sani a cikinsa ba, kuma idan bincike ya gano ƙarya PMI tana iya hana mutum neman takardunta ko ta soke wadda ta riga ta ba shi.